Daga “Ba Ya Son Aiki” Zuwa Abin Da Littafi Ya Nuna: Yadda Ake Rubuta Rahoton Shekara Na Malami

Jawabin da aka gabatar a taron ’yan ƙungiya na reshe, a garin Ƙofa



An nemi mu yi magana a kan fom ɗin nan da ake cike wa kowane malami sau ɗaya a shekara, wanda muka fi sani da sunansa na Turanci a taƙaice, wato APER. Ba za mu bi shi shafi-shafi ba, domin yawancinku kun cike shi fiye da sau goma. Wuri guda za mu tsaya, wato layukan nan da aka bar wa shugaba ya rubuta ra’ayinsa a kan malamin da ke ƙarƙashinsa. A nan ne ake rubuta kalmomi uku ko huɗu cikin gaggawa, a rufe fayil, sai bayan shekara biyu ko uku su fito su tare wa mutum hanya ranar da ake zaman ƙarin girma. Da yawa daga cikinmu a ɗakin nan mun zauna a kujerun biyu: an rubuta a kanmu, mu ma mun rubuta a kan wasu. Saboda haka maganar ta shafi mai alƙalami kamar yadda ta shafi wanda alƙalamin ya hau kansa.

Yana da kyau mu tuna inda fom ɗin ya samo asali. A da, rahoton sirri ake rubutawa a kan ma’aikacin gwamnati. Shugaba ya rubuta abin da ya ga dama, a kulle a fayil, mai rahoton bai san me aka ce a kansa ba har ya yi ritaya. Kwamitin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1972 a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji, wanda ya miƙa rahotonsa a 1974, shi ne ya ba da shawarar a koma rahoto na fili. Dattawanmu sun fi tuna Udoji da ƙarin albashi da ariyas, amma wannan gyara na rahoto ya fi kuɗin daɗewa. Ma’anar rahoto na fili ita ce ma’aikaci ya ga abin da aka rubuta a kansa, ya sa hannu, ya kuma sami damar mayar da martani. To, mutum ba ya iya mayar da martani a kan abin da ba shi da kai ba shi da gindi. In aka rubuta “ba ya son aiki,” me zai ce? Ya rantse yana so? Duk shugaban da ya rubuta irin wannan jimla ya mayar da mu zamanin rahoton sirri, ko da kuwa ya nuna wa malamin takardar.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Mun haɗa shi ne daga irin ƙorafe-ƙorafen da ke zuwa gaban reshe, ba mu nufin wata makaranta ko wani mutum. Mu kira malamin Malam Wane. Yana koyar da lissafi a aji biyar da aji shida na firamare, yana zaune a Kankiya, yana zuwa aiki a kan babur. A ƙarshen shekara hedimastansa ya zauna zai cike masa fom, abin da ya fara zuwa masa a rai abu uku ne: yana yawan makara, ba ya son aiki, ba shi da ladabi. Ba mu ce hedimastan ƙarya yake yi ba. Wataƙila akwai abin da ya gani. Matsalar ita ce ya tsallake abin da ya gani, ya rubuta hukuncin da ya yanke.

Aikin farko shi ne ya ajiye alƙalami ya tambayi kansa: me na gani da idona, a wace rana, kuma a wane littafi aka rubuta shi? Makaranta ba ta rasa littattafai. Akwai littafin sa hannu na safe, akwai littafin fita, wanda malami ke rubuta inda za shi in zai bar makaranta a lokacin aiki, akwai rajistar aji, akwai littafin tsarin darasi da malami ke kawowa a sa masa hannu, akwai littafin aikin mako-mako inda ake rubuta abin da aka koyar, akwai babban littafin tarihin makaranta da ke ofishin hedimasta, ga kuma littattafan yara. Ƙorafin da bai bar sawu a ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai a yi masa kallon tsanaki kafin a sa shi a fom.

Mu fara da makara, domin ita ta fi sauƙin aunawa, kuma a kanta aka fi yin kuskure. Kafin a ƙirga komai, a duba lokacin da rahoton ya ƙunsa, wanda ake rubutawa a saman fom. In daga Janairu ne zuwa Disamba, to ya haɗa zango na biyu da na uku na shekarar karatu ɗaya, da zango na ɗaya na wadda ta biyo baya. Abin da ya faru kafin Janairu ba shi da gurbi a ciki, ko da ya fi komai ɓata wa shugaba rai. Mun sha ganin laifin shekara uku da ta wuce yana ta bin malami daga fom zuwa fom kamar bashi.

Hedimastan Malam Wane ya buɗe littafin sa hannu. A makarantarsu an tsayar cewa duk wanda ya sa hannu bayan ƙarfe 7:45 ya makara, kuma an faɗi haka a taron malamai, an rubuta. Wannan sharaɗi ne babba. In ba a tsayar da lokaci an sanar ba, babu ma’aunin da za a ce mutum ya saɓa. Da ya ƙirga, sai ya tarar a zango na biyu an yi kwana 58 na aiki, Malam Wane ya makara sau 3. A zango na uku an yi kwana 60, ya makara sau 14. A zango na ɗaya na sabuwar shekara an yi kwana 62, ya makara sau 2. Jimla sau 19 a cikin kwana 180.

Ku lura da abin da ƙirgar ta fito da shi. Da an tsaya a kan “yana yawan makara,” mai karatu zai ɗauka halin mutumin ne shekara da shekaru. Da an rubuta “ya makara sau 19” kawai, an matsa gaba, amma har yanzu an ɓoye rabin labarin, domin 14 daga cikin 19 ɗin a zango guda suka taru. Lamba ba ta da ma’ana sai an faɗi daga cikin nawa, kuma a wane lokaci. Sai hedimasta ya ƙara dubawa, ya haɗa ranakun da babban littafin makaranta, ya tarar tara daga cikin 14 ɗin ranaku ne na Yuni da Yuli da aka wayi gari da ruwan sama, kuma a yawancinsu malamai huɗu daga cikin tara na makarantar sun makara. Duk wanda ya taɓa hawa babur a hanyar ƙauye da damina ya san yadda abin yake. Sauran biyar ɗin kuwa babu ruwa, babu uzuri a rubuce. Ya kuma duba illar da abin ya yi, ya tarar sau shida ne makarar ta cinye darasin farko na ƙarfe takwas. Wannan ne ainihin abin da ya shafi yara. Akwai bambanci tsakanin malamin da ya iso ana tsakiyar asambuli da wanda ya iso aji ya riga ya yi minti talatin babu kowa a gaban allo.

Saura tambaya guda: me shugaba ya yi a lokacin? A misalinmu hedimastan ya yi abin da ya kamata. Ya yi masa magana baki da baki a watan Yuni, da abin ya ci gaba ya ba shi takardar tuhuma a Yuli, malamin ya amsa a rubuce, an ajiye kofe a fayil. Yanzu ga yadda jimlar za ta koma:

“A zango na uku ya sa hannu bayan ƙarfe 7:45 sau 14 cikin kwana 60, tara daga ciki a ranakun ruwan safe, kuma sau shida darasin farko ya wuce shi. An ba shi takardar tuhuma a Yuli, ya amsa. A zangon da ya biyo baya ya makara sau 2 cikin kwana 62.”

Mun san da Turanci ake cike fom ɗin, kuma layukan ba su da yawa. Amma wannan bayani bai wuce jimla uku ba a kowane harshe, in kuma wuri ya gaza ana iya maƙala takarda. Abin lura shi ne jimlar ba ta wanke Malam Wane ba. Ta tabbatar ya makara, ta nuna yara sun yi asara. Ta kuma nuna an yi masa magana ya gyara, kuma jami’in da zai sa hannu na biyu, ko kwamitin ƙarin girma, yana iya aiko a kawo littafin ya gani da idonsa.

A nan sai mu yi wa kanmu faɗa kaɗan, mu malamai. Littafin sa hannu ba ya zama hujja sai in gaskiya ake rubutawa a ciki. A makarantar da kowa ke rubuta 7:30 ko da ƙarfe tara ya iso, ko aboki ya sa wa aboki hannu, littafin ya mutu, kuma ranar da mai gaskiya zai nemi ya kare kansa da shi ba zai tarar da komai ba. Ana gane irin wannan littafi da kallo ɗaya: lokaci iri ɗaya daga sama har ƙasa, wani lokaci ma biro ɗaya da rubutun hannu ɗaya. Maganinsa tsohon abu ne da muka tarar shugabanninmu suna yi, wato a ja jan layi a ƙarƙashin suna na ƙarshe da zarar lokaci ya cika, duk wanda ya zo daga baya ya sa hannu a ƙasan layin. Hedimastan da ba ya jan layi kullum ba shi da bakin rubuta makara a ƙarshen shekara.

Ƙorafi na biyu ya fi wuya, domin “ba ya son aiki” magana ce a kan abin da ke cikin zuciyar mutum, kuma babu shugaban da aka ba ikon leƙa zuciya. Abin da ake iya gani shi ne aikin da aka yi da wanda ba a yi ba. Da aka matsa wa hedimasta ya faɗi abin da yake nufi, sai ya ce malamin ba ya kawo tsarin darasi, kuma bai gama manhajar zango ba. To, waɗannan abubuwa biyu ne da ake iya dubawa.

An ɗauko littafin tsarin darasinsa na zango na ɗaya. Makonnin koyarwa goma sha ɗaya ne, in aka cire na bita da jarrabawa. An tarar ya rubuta na mako takwas, babu na mako uku. Amma a cikin takwas ɗin da ya rubuta, biyar ne kawai ke ɗauke da sa hannun hedimasta da kwanan wata. Sauran ukun, malamin ya ce ya kai ofis bai tarar da kowa ba, hedimasta ya ce bai gani ba. Babu mai hujja a kan ɗan’uwansa. Irin wannan ne ke sa wasu shugabanni gudun rubutu mai hujja, domin littafin da ka buɗe don ka kama wani yakan nuna naka giɓin. Abin da gaskiya ta yarda a rubuta shi ne mako uku da babu tsarin darasi sam. Ukun da ake jayayya a kansu ba za a ɗora wa malami ba.

Sai maganar manhaja. A aji shida an tsara batutuwa goma sha ɗaya, littafin aikin mako-mako ya nuna an koyar da takwas. Kafin a rubuta wannan a matsayin gazawa, a tambaya ina makonnin suka tafi. Babban littafin makaranta ya nuna mako guda an tura shi bita, wani makon kuma an haɗa masa aji huɗu saboda malamar ajin tana hutun haihuwa. Saura batu guda da babu bayaninsa. Daga nan hedimasta ya ɗauki littattafan yara goma, ba na ’yan gaban aji kaɗai ba, ya haɗa da na tsakiya da na baya. Ya tarar ana ba da aikin aji a kai a kai, kuma an duba an sa maki, sai dai babu gyara: yaron da ya faɗi lissafin kashi-kashi an sa masa kuros an wuce, ba a sa shi ya sake ba. Wannan bincike na rabin awa ya fito da abin da ya fi duk ƙorafin farko amfani, domin ya nuna takamaiman abin da malamin zai gyara. Sai jimlar ta zama:

“A zango na ɗaya ya rubuta tsarin darasi na mako 8 cikin 11. Ya koyar da batu 8 cikin 11 a aji shida. Mako biyu sun tafi a bita da riƙon wani aji bisa umarnin makaranta. A littattafan yara goma da aka duba, ana ba da aiki ana sa maki, amma ba a sa yara yin gyara. An amince da shi zai riƙa kawo tsarin darasi kowace Litinin, ya kuma ware lokacin gyara a kowane mako.”

Jimlar ƙarshen nan ita ce ke ba rahoton shekara mai zuwa abin da zai tsaya a kai. Baɗi ba sai an sake lalube ba, za a duba ne ko an kawo tsarin darasi ranar Litinin, ko akwai gyara a littattafan yara.

Za ku lura ba mu kawo sakamakon jarrabawa a matsayin hujja ba, kuma da gangan muka bar shi. Yana da amfani, amma shi kaɗai ba ya auna malami. Ajin da ke da yara fiye da yadda kujeru za su ɗauka, ajin da rabinsa ke gona lokacin shuka da lokacin girbin gero, ajin da ya iso hannunka bai iya karatu ba tun daga aji uku, ba za a gwada sakamakonsa da na wani aji a ce bambancin malami ne ba. In za a ambaci sakamako, a haɗa shi da rajista, a faɗi yara nawa ne a ajin da nawa ke zuwa a kai a kai, a kuma gwada ajin da kansa, farkon shekara da ƙarshenta. Haka kuma akwai abin da ba ya shiga ƙirga, kamar yadda malami ke bayani da yadda yake riƙe aji. Hujjar wannan ita ce shugaba ya shiga aji ya zauna darasi guda daga farko har ƙarshe, ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata, ya nuna wa malamin a ranar. Leƙe ta taga ba duba darasi ba ne.

Yanzu ƙorafi na uku, wanda ya fi kawo mana shari’a a reshe: “ba shi da ladabi.” ’Yan’uwansa su ne “mai taurin kai,” “ba ya jin magana,” “mai tayar da fitina.” Da aka tambayi hedimasta me ya faru, sai ya ce a wani taron malamai Malam Wane ya tashi a gaban kowa ya ce rabon darussa bai yi adalci ba, shi yana da darasi talatin a mako wani yana da goma sha takwas. An duba rubutaccen bayanin taron, an ga ya yi maganar, ba a rubuta zagi ko ɗaga murya ba. An duba jadawali, an ga lissafinsa daidai ne. An tambaya ko akwai umarnin da aka ba shi ya ƙi bi, aka ce babu. To, wannan ƙorafi ba shi da abin da za a mayar da shi. Ba kowace magana maras tushe ake iya gyara wa lafazi ba, wata in an tone ta sai a tarar babu komai a ƙasa sai ɓacin rai, kuma daidai shi ne a bar ta a waje. Mu Hausawa muna girmama na gaba, kuma muna son a ci gaba da haka. Wataƙila da Malam Wane ya sami hedimasta a ofis su biyu, da ya fi. Wannan nasiha ce da babba zai yi wa ƙarami a inuwar bishiya, ba abin sa wa a fayil ɗin da zai bi mutum shekara talatin ba.

Da a ce akwai ƙin bin umarni na gaske, rubuta shi ba wuya: wane umarni ne, wa ya bayar, a wace rana, a rubuce ko da baki a gaban wa, me malamin ya yi, wane mataki aka ɗauka. Kuma muna tuna wa shugabanni, waɗanda su ma ’yan wannan ƙungiya ne, cewa halartar taron NUT, ko bin umarninta lokacin yajin aiki, ko jam’iyyar da mutum yake so, ko saɓanin gona da na aure da ke tsakanin gidaje, babu ɗayansu da ke da gurbi a wannan fom.

Wani lokaci ƙorafin ba daga hedimasta yake fitowa ba. Mai duba makarantu ya zo, ya zagaya, zai hau babur ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan malamin naka sai ka sa masa ido, ba na jin daɗin aikinsa.” Ko wani babba a gari ya aiko da irin wannan saƙo. Hedimasta ya shiga tsaka mai wuya, domin ba ya son ya saɓa wa na sama. Hanyar fita cikin ladabi ita ce ya miƙa masa littafin baƙi ya ce, “Yallaɓai, a taimaka a rubuta mana abin da aka gani, da ajin, da darasin, don mu san inda za mu gyara.” In akwai abin da ya gani, zai rubuta, makaranta ta ƙaru. In babu, maganar ta tsaya a bakin ƙofa. Wanda ya sa hannu a fom shi za a tambaya, kuma “an ce mini” ba amsa ba ce a gaban kwamiti.

Kada a ɗauka zargi kaɗai ke zuwa babu hujja. Yabo ma haka yake, kuma shi ya fi yawa. Sanannen ciwon wannan fom a faɗin ƙasar nan shi ne kusan kowa maki na sama yake samu, kowa “mai ƙwazo ne, mai biyayya, ya cancanci ƙarin girma.” Yana daga cikin dalilan da suka sa a ’yan shekarun nan Gwamnatin Tarayya ta ɗauki hanyar maye gurbinsa da sabon tsarin auna aiki ga ma’aikatanta, inda ake tsayar da abin da ake so mutum ya cim ma tun farkon shekara. Ko wane suna fom ɗin zai koma nan gaba, bukatar hujja ƙaruwa za ta yi. Wanda yabon jimla ke cuta shi ne malamin kirki. Malamar da ta karɓi aji biyu da yara kaɗan ne ke iya haɗa baƙi, ta kai su ƙarshen shekara yawancinsu suna karanta gajeren labari, in aka rubuta mata “mai ƙwazo” an daidaita ta da wanda bai yi komai ba. A rubuta yara nawa ne, daga ina suka tashi, ina suka kai, da yadda aka gwada. Shi kansa Malam Wane, da aka duba, shi ne ya riƙe aji huɗu ba tare da ƙorafi ba, kuma rajistarsa ba ta da giɓi ko na rana ɗaya. Wannan ma hujja ce, kuma haƙƙinsa ne ta shiga.

Sai mu juyo gare mu, waɗanda ake rubutawa a kanmu. Kada malami ya sa hannu a fom ɗin da ba a cike sashen shugaba ba, ko da an ce masa ana sauri ne za a kai ofis, a cike daga baya. Sa hannunka shaida ce cewa ka ga abin da aka rubuta, saboda haka sai ka gani tukuna. Kuma ganin ba ya nufin ka yarda. In ka tarar da jimla irin ta “ba ya son aiki,” ƙin sa hannu ba ya taimakonka, domin fom ɗin zai tafi ba tare da muryarka ba. Ka nemi a ba ka kwana ɗaya ko biyu, ka rubuta martani a wurin da aka tanada, ko a takarda daban da za a maƙala. Kada ka rama da irin abin da aka yi maka, wato “hedimasta ba ya ƙaunata.” Wannan ma magana ce a kan zuciya. Ka rubuta kamar haka: “Ina roƙon a bayyana ranaku da ayyukan da ake nufi. Littafin tsarin darasina yana nuna mako 8 cikin 11. Ban taɓa samun gargaɗi a rubuce a kan wannan batu ba a cikin shekarar.” In akwai inda ka gaza, ka amsa shi a fili, domin mai karatu ya fi gaskata wanda ya amsa mako uku da ya rasa a kan wanda ya ce shi ba ya kuskure. Ka yi hoton takardar ka ajiye kofe a gida.

Jimlar nan ta rashin gargaɗi tana da nauyi. Ƙa’idar aikin gwamnati ita ce a sanar da ma’aikaci gazawarsa domin ya sami damar gyarawa, ba a tara masa ita a ɓoye ba. Laifin da malami ya fara ji ranar cike fom, alhali an yi wata tara ana gaisawa da shi ba a ce komai ba, ya nuna gazawar shugaba kafin ta malami. Saboda haka muke ba shugabanni shawara su ware wa kowane malami shafi guda a wani littafi, duk abin da ya faru, mai kyau ko maras kyau, a rubuta layi ɗaya da kwanan wata a makon da ya faru, a kuma zauna da malamin minti goma a ƙarshen kowane zango a karanta masa. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe shekara guda. Abin da take riƙewa shi ne makonni uku na ƙarshe da kuma ranar da aka ɓata mata rai.

Game da abin da reshe zai iya yi, mu faɗi iyakarmu. Ba mu da ikon goge abin da shugaba ya rubuta, kuma ba za mu tsaya wa wanda littafi ya tabbatar ba ya zuwa aiki ba mu ce ƙarya aka yi masa. Abin da muke iyawa shi ne mu zauna da ɗan ƙungiya mu taya shi tsara martaninsa, mu nemi zama da shugaban makarantar, in abin ya ƙi mu raka shi da takardarsa zuwa ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan in ta kama har Hukumar SUBEB a Katsina. Duk wanda zai kawo mana irin wannan ƙorafi, ya zo da kofen fom ɗin, da littafin tsarin darasinsa, da duk takardar tuhumar da aka taɓa ba shi tare da amsar da ya bayar, kuma ya zo a makon da abin ya faru, tun fom ɗin bai bar makaranta ba.

Shugaban taro, a nan za mu dakata domin a ba shugabannin makarantu da ke wurin nan dama su faɗi nasu, musamman a kan maganar jan layi, wadda muka ga wasu suna ta girgiza kai tun da muka ambace ta.